Laftof ta mutu da makullin manhaja a ciki, Play Console kuma ya ƙi sabon

Bashar Mabera: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ina cikin matsala. Akwai manhajar duba sakamakon ɗalibai da na yi wa wata makaranta bara da Flutter, tana kan Play Store, iyaye kusan 300 ke amfani da ita. Makon jiya wuta ta zo da ƙarfi cikin dare, caja ta ƙone, laftof ɗin ma ba ta sake tashi ba. Mai gyara ya ce ma'ajiyar bayanan ta tafi. Aikin yana GitHub, na sauko da shi a sabuwar na'ura. Amma `upload-keystore.jks`, fayil ɗin makullin da nake sa wa manhajar hannu da shi, ba ya can. Sai na ƙirƙiri wani da suna iri ɗaya da kalmar sirri iri ɗaya, na gina, na ɗora. Ga abin da ya ce mini:

```
Your Android App Bundle is signed with the wrong key.
```

Kuma mai makarantar yana son gyaran ya fita kafin a ba da hutu. Mi zan yi?

Sanusi Arkilla: Wa'alaikumus salam. Innalillahi. Bashar ka yi haƙuri, wanga abu ba ya da magani. Makulli in ya ɓata, manhajar ta mutu. Na ga wanda abin ya faru da shi, dole ya canza `applicationId` ya ɗora ta a matsayin sabuwa, mutanensa duk suka sake saukewa. Ka fara shirya abin da za ka faɗa wa mai makaranta.

Jalal: Ba ka danna "Forgot password" ba? Ni da na manta nawa lamba kawai sunka turo min ta waya.

Bashar Mabera: Jalal ba shiga asusun ne ya gagara ba, ina ciki yanzu haka. Fayil ne ya ɓata.

Malam Nasiru: Wa'alaikumus salam. Sanusi, dakata tukuna, kada ka sa yaro ya kasa cin abincin dare. Bashar, bara ka fara ɗora ta, kuma fayil ɗin `.aab` ka ɗora, ko ba haka ba?

Bashar Mabera: Haka ne Malam.

Malam Nasiru: To manhajarka ba ta mutu ba. Tun watan Agusta na 2021 duk sabuwar manhaja da za ta shiga Play Store sai da `.aab`, shi kuma ba ya tafiya sai da Play App Signing. A wannan tsarin makulli biyu ne, ba ɗaya ba. Akwai wanda Google ke riƙe da shi, shi ne ake sa wa manhajar hannu da shi kafin ta isa wayar mutane. Wayar iyayen yaran nan wannan kawai ta sani. Sai kuma naka, makullin ɗorawa, wanda aikinsa ɗaya ne: ya shaida wa Google cewa kai ne ka kawo wannan kaya. Da sun tabbatar, sai su yanka fayil ɗin zuwa ƙananan `.apk` daidai da kowace waya, su sa musu hannu da nasu.

Wanda ya ƙone da laftof ɗinka na ɗorawa ne, shi kuwa ana iya sauya shi.

Abin da Sanusi ya faɗa gaskiya ne ga tsofaffin manhajoji da aka ɗora da `.apk` tun da can, masu su kuma ba su taɓa shiga tsarin ba. Su kam makulli ɗaya ne, yana hannun mai shi, in ya ɓata ba wanda zai iya dawo da shi.

Sanusi Arkilla: To ai wanda nike magana tun kafin korona ya ɗora tashi. Na karɓi gyara. Amma Malam abin da ban gane ba, tunda ya sa suna ɗaya da kalmar sirri ɗaya, don mi sunka ƙi?

Malam Nasiru: Don ba sunan suke dubawa ba. Ka sayi kwaɗo biyu a kasuwa, kamfani ɗaya, launi ɗaya, ka rubuta musu suna ɗaya da fenti, makullin wannan zai buɗe wancan? Duk lokacin da ka sa `keytool` ya ƙirƙiri makulli, sabbin lambobi yake haɗawa waɗanda ba a taɓa yin irinsu ba. Kalmar sirrin kuwa ƙofar akwatin kawai take tsarewa, ba daga ita ake ƙera abin da ke ciki ba. Ko sau dubu ka maimaita umarnin, ba za ka sake samun na farko ba.

Bashar, ka karanta ƙasan saƙon nan. Za ka ga `SHA1` guda biyu, wato lambar shaidar makulli, wanda suke jira da wanda ka kawo. Kafin mu je ga sauyawa, ka tabbata tsohon ba ya wani wuri? Filashi, imel, tsohuwar waya?

Bashar Mabera: Na samu wani `.jks` a filashina, amma ban san ko shi ne ba. Ina jin na wani aiki ne da na yi lokacin ina koyo.

Malam Nasiru: Ba sai ka yi canki-canka ba. Tambaye shi:

```
keytool -list -v -keystore sunan-fayil.jks
```

Ka gwada `SHA1` ɗin da ya fito da wanda ke shafin App signing na Play Console, ƙarƙashin Upload key certificate. Ka lura, ba na App signing key certificate ba, nan mutane ke ruɗewa.

Bashar Mabera: Ya ce `keytool` is not recognized.

Rukayya: Yana cikin jakar Android Studio ne, Windows bai san hanyarsa ba. Buga `flutter doctor -v`, ka duba layin da ya ce "Java binary at". Jakar da `java` yake, nan `keytool` yake. To amma da mi ka ƙirƙiri sabon ɗazu?

Bashar Mabera: Ta cikin Android Studio na yi, Anti. Na same shi yanzu, na gode. Na filashin ya fara da 4C, wanda suke jira ya fara da B1. Ba shi ba ne.

Malam Nasiru: Shi ke nan, mu bar shi. Wanda ka yi ɗazu ma zai iya aiki, amma tunda kalmar sirrin tsohuwa ce kuma cikin firgici ka yi shi, na fi son ka yi sabo a natse.

```
keytool -genkeypair -v -keystore upload-keystore.jks -keyalg RSA -keysize 2048 -validity 10000 -alias upload
```

Wannan 10000 ɗin kwanaki ne, shekara 27 da 'yan watanni. Kada ka rage shi don ka ga ya yi yawa. Google na son wa'adin makulli ya wuce 22 ga Oktoba 2033, kuma ba ka da ribar komai in ka gajarta. Zai tambaye ka suna, ma'aikata, gari, jiha da ƙasa. Ka sa na gaskiya, ƙasa ka rubuta NG. Ba a gyara su daga baya.

Wani abu kuma. Sabbin Java, daga 9 zuwa sama, suna yin fayil ɗin da tsarin PKCS12 ko da ka sa masa `.jks` a ƙarshe. A wannan tsarin kalmar sirri ɗaya ce ta akwatin da ta makullin. In ka ga bai tambaye ka ta biyu ba, ba kuskure ba ne.

Daga nan ka fitar da satifiket ɗinsa:

```
keytool -export -rfc -keystore upload-keystore.jks -alias upload -file upload_certificate.pem
```

Wannan `.pem` ɗin shi za ka ba Google, a wurin da aka rubuta Request upload key reset a shafin nan dai. Babu sirri a cikinsa. `.jks` ɗin kuwa ba ya zuwa ko'ina, ko Google ba sa buƙatarsa.

Bashar Mabera: Malam na ga wurin amma ba ya dannuwa gare ni.

Rukayya: Asusun na wa ne?

Bashar Mabera: Na mai makarantar ne, ni gayyato ni ya yi.

Rukayya: To ga dalili nan. Izinin da ya ba ka bai kai nan ba, mai asusun ne zai nemi sauyin. Ka ɗauki `.pem` ɗin ka je ka zauna da Alhajin, ya shiga da imel ɗinsa, ka nuna masa inda zai danna. Kada ka ce ya turo maka kalmar sirrinsa, ko ya ce zai ba ka, ka ƙi. Kuma ka faɗa masa tun yanzu cewa ba nan take sabon ke fara aiki ba. Za su sanar da ranar da lokacin ta imel, ni nawa kwana biyu ya ɗauka. Kafin lokacin duk abin da ka ɗora ƙi za su yi.

Sanusi Arkilla: Ni dai shi ya sa nike sa nawa cikin aikin gaba ɗaya in tura GitHub. Ma'ajiyar a rufe take, ni kaɗai ke gani. Da Bashar ya yi haka da yanzu yana barci.

Rukayya: Sanusi, har da `key.properties`?

Sanusi Arkilla: E mana, in ba haka ba ya za a yi ya ginu?

Rukayya: Wato ka kulle ɗaki ka rataye makullin a jikin ƙofa. Bari in ba ka nawa. Shekara biyu da sunka wuce na yi haka, ma'ajiya a rufe kamar taka. Sai na ɗauki wani yaro ya taya ni gyaran fuskar manhajar, na ba shi izinin shiga. Aiki ya ƙare, munka rabu lafiya. Bayan wata huɗu na tuna cewa makullina da kalmar sirrinsa suna zaune a laftof ɗinsa, laftof ɗin kuma ya sayar. Na goge fayilolin na sake turawa, ina jin na huta, sai wata ta nuna mini ai suna nan cikin tarihin `git`, duk wanda ya koma baya zai gan su. Ƙarshe sauya makullin na yi, irin hanyar da Bashar zai bi yanzu.

Sanusi Arkilla: To amma Anti, ko mutum ya samu, mi zai yi da shi? Ai sai ya shiga Play Console kafin ya ɗora wani abu.

Malam Nasiru: Nan kana da gaskiya rabi. Makullin ɗorawa shi kaɗai ba ya isa a tura wa mutanenka muguwar manhaja ta Play Store, sai an haɗa da shiga asusun. Amma shi ne katanga ta biyu. Asusun makaranta irin na Bashar mutum nawa ke da izini a ciki? In wayar ɗaya daga cikinsu ta faɗa hannun ɓarawo, makullin ne ya rage. Sannan da yawanku da shi kuke sa wa `.apk` ɗin da kuke rabawa ta Xender hannu. A can babu Google a tsakani. Wanda ke da makullinka zai iya haɗa tasa, ta hau kan taka a wayar mutum kamar sabuntawa ce, ta gaji duk bayanan da ke ciki.

Sanusi Arkilla: Wannan na Xender ɗin ban taɓa tunaninsa ba, wallahi.

Jalal: Ni fa tambayata daban ce, ku yi haƙuri. Jiya na gina tawa ta farko da `flutter build appbundle`, ta ginu lafiya ba kuskure ko ɗaya, amma Play Console ya ce "signed in debug mode". Ni kuma ban taɓa yin wani makulli ba, ban san ana yi ba.

Rukayya: Madalla da ka tambaya, Bashar ma zai bi ta nan. Flutter in ya ƙirƙiri sabon aiki, a cikin `android/app/build.gradle` yana sa ginin fitarwa ya yi amfani da makullin gwaji, don dai abu ya tashi a wayarka. Wannan makullin yana `.android/debug.keystore`, kalmar sirrinsa `android`, duniya duk ta sani. Shi ya sa ba a karɓarsa. Ka yi naka da umarnin da Malam ya bayar a sama, sannan ka ƙirƙiri fayil `android/key.properties`:

```
storePassword=kalmarka
keyPassword=kalmarka
keyAlias=upload
storeFile=C:/makullai/upload-keystore.jks
```

Ka lura da karkatar sandunan da ke layin ƙarshe. In ka kwafo hanyar daga Windows da sanda mai kallon baya guda ɗaya-ɗaya, zai haɗiye su ya ce bai ga fayil ba. Ko ka juya su kamar yadda na yi, ko ka ninka kowace.

Sai ka sa `build.gradle` ya karanta waɗannan huɗun cikin `signingConfigs`, da suna `release`, ka kuma canza layin nan na `buildTypes`:

```
signingConfig = signingConfigs.release
```

In fayil ɗinka `build.gradle.kts` ne, rubutun shi ne `signingConfigs.getByName("release")`. Mutane kan yi duk sauran su manta wannan layi ɗaya, ya ci gaba da cewa `debug`.

Malam Nasiru: In ƙara a kan na Rukayya. Kada ku jira Play Console ya faɗa muku da wane makulli kuka sa hannu, bayan kun ƙona data kun ɗora. Fayil ɗin yana `build/app/outputs/bundle/release/app-release.aab`. Ku duba shi da kanku:

```
keytool -printcert -jarfile app-release.aab
```

In kun ga `CN=Android Debug`, ba ku gama ba. In kun ga sunanku, ku gwada `SHA1` ɗin da na shafin App signing. Kai kuma Bashar, ka buɗe `pubspec.yaml` ka ɗaga lambar da ke bayan alamar tarawa a layin `version`. In ta Play Store `1.0.3+4` ce, sabuwar ta zama `1.0.4+5`. Google lambar bayan nan yake kallo, kuma ba ya karɓar wadda aka taɓa amfani da ita.

Ummu Khalil: Ina bin ku tun ɗazu a shiru. Malam, wannan makulli biyun ko shi ne ya sa shiga da asusun Google ke aiki a wayata in na gina da kaina, amma wanda aka sauke daga Play Store sai ya ce `ApiException: 10`? Sati guda ina fama.

Malam Nasiru: Kusan tabbas shi ne, Hajiya. Kin sa wa Firebase `SHA1` na makullin gwaji ko na ɗorawa, alhali wadda ke wayar mutane da na Google aka sa mata hannu. Ki kwafo na App signing key certificate ki ƙara a saitin manhajar a Firebase. Kada ki goge na da, yana karɓar fiye da ɗaya.

Ummu Khalil: Ya yi! Allah Ya saka da alheri. Sati guda, ashe layi ɗaya ne.

Bashar Mabera: Wannan ya tuna mini. Akwai iyayen da ba su da data, na tura musu `.apk` da na gina da tsohon makullin, wajen mutum 40. Su ya za su yi?

Malam Nasiru: Su kam akwai ɗan aiki. Wayarsu tsohon makullinka ta sani, shi kuma ya tafi. Ta Play Store ba za ta hau kan tasu ba, wadda za ka gina da sabon makulli ma haka, waya za ta ce ba a girka ba. Dole su cire tsohuwar su sa sabuwa. In sakamakon yaran a kan saba yake, ba a cikin wayar ba, ba su yi asarar komai ba sai sake shiga. Daga yanzu in za ka raba ta hannu, ka shiga App bundle explorer ka sauko da wadda Google ya sa wa hannu, ana kiranta Signed, universal APK. Ita ce ke jituwa da ta Play Store.

Bashar Mabera: Na gane. Saura tambaya ɗaya, don kada in sake shiga wannan hali. Ina zan ajiye sabon?

Rukayya: Ni wuri uku. Laftof, a jakar da ke wajen aikin gaba ɗaya. Filashi da ba na yawo da shi, yana cikin akwati a gida. Sai na uku a Google Drive, amma cikin 7-Zip mai kalmar sirri. Kalmomin sirrin kuma suna manhajar ajiyar kalmomin sirri, ba sa zama tare da fayil ɗin. Kuma `.gitignore` ya ƙunshi `key.properties` da `*.jks` tun kafin turawar farko. Flutter kan sa su a na jakar `android`, amma ka duba da idonka.

Malam Nasiru: Ni ban yarda da Drive ba in imel ɗin da ke riƙe da shi shi ne na Play Console. Wanda ya shiga ɗaya ya samu biyu. Filashi biyu nake yi, ɗaya gida ɗaya ofis, kalmar sirri kuma a takarda cikin ambulan.

Rukayya: Malam, filashin Sakkwato? Wanda zai kwana a aljihun mota a zafin Afrilu? Biyu sun mutu a hannuna. Kuma ai na ce a kulle yake, ko ya shiga Drive ɗin sai ya fasa 7-Zip.

Malam Nasiru: Shi ya sa na ce biyu, kuma duk bayan 'yan watanni nakan soka su in buga `keytool -list` in ga suna buɗewa. Ke yaushe rabon da ki sauko da na Drive ki gwada?

Rukayya: Wannan kuma ka kama ni. Amma ban sauka daga ra'ayina ba.

Sanusi Arkilla: Ni tambayata, shi mai makarantar a ba shi kwafi ko kuwa? Don in ka ba shi, gobe ya sallame ka ya kawo wani da rabin kuɗi.

Rukayya: Asusun nasa ne, Sanusi. Ranar da ya so sallamar Bashar, sabon yaron zai yi makulli, Alhaji ya danna wurin nan da muke magana, bayan kwana biyu an wuce wurin. Riƙe makullin ɗorawa ba ya tsare maka aiki.

Sanusi Arkilla: Duk da haka ni ba zan bayar ba sai an biya ni cikon kuɗina.

Ummu Khalil: Ni kuma tsorona daban. Mutumin da ke tura komai ta WhatsApp, in ka ba shi `.jks` ai gobe yana gurup ɗin malamai.

Bashar Mabera: Alhajin ya ce in same shi bayan La'asar. Na yi sabon makulli, na fitar da `.pem`, na gina, `printcert` ya nuna sunana. Malam, in sun amince, `SHA1` na Firebase fa, sai na canza?

Malam Nasiru: Na Google bai motsa ba, don haka masu saukewa daga Play Store ba abin da zai same su. Na sabon makullin kawai za ka ƙara, don gwajin da kake yi a wayarka. In imel ɗin ya zo, ka sake buɗe shafin ka ga Upload key certificate ya koma naka kafin ka ɗora, kuma ka fara sa ta a Internal testing ka sauke a wayar da ke da tsohuwar ta Play Store, ka ga ta hau kanta.

Bashar Mabera: To Malam. Zan dawo in faɗa muku yadda munka yi.

Jalal: Anti Rukayya, na yi duka, yanzu cewa yake "keystore password was incorrect". Kuma na tabbata ita ce.

Rukayya: Duba ƙarshen layin a `key.properties`, ko ka bar fili bayan kalmar. Kuma kada ka turo hoton fayil ɗin nan, na san halinka.